Gudummawa a Asusu Ɗaya: Yadda Ake Tara Kuɗi Ba Tare da Zargi Ba

A da, ranar biki akan zaunar da mutum guda da littafi da biro, duk wanda ya miƙa gudummawa a rubuta sunansa a gaban idonsa. Yanzu da zarar an sa ranar aure ko an yi rasuwa, sai ka ga lambar asusu tana yawo a zauren WhatsApp na dangi, kowa ya tura daga inda yake. Tarawa ta yi sauƙi, amma kuɗin na shiga inda mutum ɗaya ne kaɗai ke gani. Daga nan zargi yake farawa, kuma zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Gyara yana farawa ne tun daga zaɓen asusu. Kada a yi amfani da wanda mai shi ke karɓar albashi ko ciniki da shi, domin kuɗin jama'a zai cakuɗe da nasa. A samu asusun da babu komai a ciki, a nuna wa kowa hakan kafin naira ta farko ta shiga. A kuma duba matakinsa. A ƙa'idar Babban Bankin Najeriya, asusun mataki na farko ba ya riƙe fiye da naira 300,000, don haka idan ana sa ran wuce wannan, a ɗaga matakin tun da wuri, kada kuɗi ya riƙa komawa ko asusun ya maƙale ana tsakiyar hidima. In rasuwa ce, kada a tura cikin asusun mamacin. Banki na rufe shi da zarar ya samu labari, sannan abin da aka tara don sadakar uku ko ɗawainiyar marayu zai haɗe da dukiyar gado.

Sai a raba aiki tsakanin mutum biyu: ɗaya ya riƙe asusu, ɗaya ya riƙe jerin sunaye. Mai jeri ba zai rubuta kowa ba sai mai asusu ya tabbatar kuɗin ya sauka. Hoton rasit ba hujja ba ne, domin ana iya tura kuɗi su koma, akwai kuma rasit na bogi. Wanda ya kawo tsabar kuɗi, a zuba su a asusun a ranar da sunansa. Wanda ba ya son a san shi, a rubuta "wani bawan Allah", amma adadin da ya bayar dole ya fito.

Kowane dare a gwada jimillar jeri da abin da banki ya nuna. A ɗauka abokan ango ne ke tara kuɗin walima. Jeri ya ce naira 620,000, asusu kuma ya nuna 585,000, wato babu 35,000. Kafin a ce an ci amana, a ciro bayanan shige da fice na banki a bi su layi-layi. Sai a tarar wani ya tura 20,000 ta wurin mai POS, kuɗin ya shigo da sunan mai shagon aka rubuta, daga baya mutumin ya turo rasit aka sake rubuta shi da sunansa. Ragowar 15,000 kuwa alkawari ne wani ya yi aka shigar kamar ya biya. Irin waɗannan kurakurai biyu su suka fi kawo giɓi, shi ya sa ake roƙon kowa ya sa sunansa a gurbin bayani lokacin turawa, alkawari kuma a ware masa shafinsa. 'Yan kuɗin da banki ke cirewa na caji su ma a ba su layi nasu.

Fitar kuɗi ta fi shigarsa jawo magana. Kada a cire komai sai da amincewar mutum biyu, kuma a tura kai tsaye ga mai shinkafa ko mai rumfa, maimakon a ciro tsaba a ba wani ya je kasuwa. Tun kafin a fara tarawa a yanke abin da za a yi da rara: ango za a damƙa wa, ko matar mamaci, ko a biya bashin da ya bari?

Bayan hidima a sanar cewa an rufe karɓa, a fitar da lissafi na ƙarshe: abin da ya shigo, abin da aka kashe, da wanda aka damƙa wa saura a gaban shaidu. A adana jerin da kyau, domin gudummawar biki a wurinmu ramawa ake yi, kuma da shi iyalin za su san wanda za su tsaya wa ranar da tasa hidimar ta taso.