Uwargida, Jan Manja Ba Shi Ne Kyansa Ba

Uwargida, idan kika shiga kasuwar Ɗambatta ko ta Bichi sayen manja, kada jansa ya ruɗe ki. Daga Kudu yake zuwa, hannu da yawa yake bi kafin ya iso mana, kuma a nan ne wasu marasa tsoron Allah ke zuba masa rinin da ake kira Sudan don ya yi jawur. Rinin masana'antu ne, ba na ci ba, NAFDAC ma ta sha yin gargaɗi a kansa.

Gwajin nan da ake yaɗawa a waya, wai ki ɗiga manja a kofin ruwa ki ga ko ruwan zai rine, kada ki dogara da shi. Wannan rini a mai yake narkewa, ba a ruwa ba, don haka ruwan zai iya fita fes alhali an yi algus.

Gara ki zuba cokali 2 a tukunya, ki sa wuta kaɗan, ki tsaya a kai don kada ya kama. Jan manja na asali ba ya jure zafi, a hankali zai washe ya koma ruwan ɗorawa. Wanda ya daɗe a kan wuta amma yana nan ja, abin zargi ne, ko da yake ɗakin gwaji kaɗai ke tabbatarwa.

Wajen sabon mai kaya, fara da ƙaramar kwalba, ki gwada kafin ki sayi galan. Na kamfani kuwa, duba lambar NAFDAC, adireshi da ranar ƙarewa, ki kuma tabbata ba a taɓa buɗe murfin ba.