Sakamakon gwajin kitsen jini: gaskiya da jita-jita

A ɗauki magidanci mai shekara 48 da takardar gwajinsa ta nuna LDL 4.3, HDL 0.9, TG 2.8, duka a ma'aunin mmol/L. LDL shi ne kolastarol mai taruwa a bangon jijiya, an fi son ya kasance ƙasa da 2.6. HDL mai kwashe shi zuwa hanta ya yi kaɗan idan ya gaza 1.0 ga namiji ko 1.3 ga mace. TG kuwa, kitsen da ke yawo cikin jini, bai kamata ya kai 1.7 ba. Duka ukun sun kauce.

Nan da nan masu ba da shawara za su ce ya bar mai kawai, shi ke nan. Rabin gaskiya ce. Man shanu, manja da kitsen nama suna ɗaga LDL, rage su ya zama dole. Amma TG ya fi hauhawa da sukari, lemon kwalba, shayi mai zaƙi, tulin farar shinkafa da burodi, domin hanta na mayar da rarar su kitse. TG mai yawa tare da HDL kaɗan sau da yawa alama ce ta ciwon sukari da ke tafe, musamman ga mai tumbi. Wannan ne abin da ya fi damuna, don mutane sun fi tsoron tsire fiye da kwalbar lemo.

Cewa siriri ba ya samun matsalar ƙarya ce. Ana gadonta, kuma ba ta da alamar da ake ji a jiki. Tafarnuwa da lemon tsami ba sa narkar da kitsen jijiya. Neman maganin ɗaga HDL ma ɓata kuɗi ne, domin magungunan da suka ɗaga shi ba su rage bugun zuciya ba. Motsa jiki da barin taba ne ke taimaka masa.

Matakin farko shi ne magidancin ya tuna ko ya ci abinci kafin a ɗebi jinin, saboda abinci na ɗaga TG. In ya ci, a maimaita bayan awa 9 zuwa 12 ba ci sai ruwa. Sannan a auna sukari, hawan jini da lafiyar ƙoda, likita ya haɗa da shekaru da tarihin gida ya ƙiyasta haɗarin. In haɗarin kaɗan ne, akan ba da kamar wata uku na gyaran abinci da tafiyar sauri ta minti 30 kullum, a sake gwaji.

Wasu kam ba a sa su jira. Mai LDL 4.9 ko fiye, mai ciwon sukari da ya kai shekara 40, da wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, akasari ana fara musu maganin sitatin nan take. TG da ya haura 5.6 yana iya kumbura sashen jikin da ke samar da insulin. Mai irin wannan sakamako ya ga likita cikin makon nan.