Kafin a Zana Katun, Sai an Auna Shirunsa

A ranar 19 ga Nuwamba 1993, ma'aikatan kamfanin Pixar suka kai wa manyan Disney rabin farko na fim ɗin Toy Story domin su gani. Abin da aka haska ba fim ba ne irin wanda muka sani. Zane-zane ne na hannu, marasa launi, suna sauyawa ɗaya bayan ɗaya, muryoyi na tafiya a ƙarƙashinsu. Duk da haka, kowa a ɗakin ya gane akwai matsala: Woody, jarumin labarin, ya fito a matsayin mugu mai tsawa da cin zali, har da gangan ya wurga Buzz ta taga. Disney ta dakatar da aikin. Pixar ta koma ta sake labarin, aka ci gaba a farkon 1994, fim ɗin ya fito a 1995. Da sai bayan an gama motsa hotunan a kwamfuta aka gano wannan ciwo, da maganinsa ya ci kuɗin da ba a da su.

Wannan abin da aka haska shi ake kira animatik. Ana ɗaukar zanen gaggawa na kowane yanayi a labarin, a jera su a manhajar tace bidiyo, a sa murya ta wucin gadi, sannan a yanke wa kowane zane tsawon lokacin da zai tsaya a allo. Kamar yadda magini ke zana fasalin gida da toka a ƙasa kafin a haƙa harsashi, mai gida ya taka ya ji ko ɗakin ya yi masa kaɗan, haka darakta ke kallon fim ɗinsa tun yana zanen fensir. Sitidiyon Disney na yin irin wannan tun shekarun 1930.

Dalilin wahalar lissafi ne mai sauƙi. A sinima, hoto 24 ne ke wucewa a kowace daƙiƙa, kowannensu ana ce masa firam. A talabijin irin ta Najeriya da Turai kuwa 25 ne. Masu zanen hannu galibi kan bar zane ɗaya ya tsaya firam biyu, wato zane 12 a daƙiƙa. Katun na minti biyar, idan ana motsi tun daga farko har ƙarshe, zai ci zane 3,600. Mai fim da 'yan wasa yana iya ɗaukar fage sau goma ya zaɓi mai kyau a wurin tacewa. Mai katun ba shi da wannan gatan, domin duk daƙiƙar da aka zana aka zubar, kwanakin wani ne suka tafi a banza. Saboda haka a katun ana tace fim kafin a yi shi.

Murya ake fara sawa, ba zane ba. Darakta ya tara waɗanda ke kusa, masu zane, edita, ko mai tsaron ofis idan muryarsa ta dace, su karanta maganganun a gaban makirfo, wani lokaci ma wayar hannu ce a ɗaki mai labule. Edita ya yanka kowane layi daban ya jera su a layin sauti, sannan ya ɗora zanukan a sama. Ana yin wannan a Storyboard Pro, ko Premiere, ko DaVinci Resolve, kuma masu ƙaramin ƙarfi suna yi a Blender da Krita waɗanda kyauta ne. Manhajar ba ita ce ke yanke hukunci ba. Abin da editan ke yi shi ne jan gefen kowane zane, ya tsawaita shi da firam huɗu, ya rage wancan da shida, ya sake kunnawa, har sai ido da kunne sun yarda da juna.

Mu ɗauki wani ɗan fage a matsayin misali. Kaka ta ajiye furarta a ƙwarya ta rufe da faifai. Ta dawo ta tarar babu komai. Jikanta na zaune a gefe ya dafe baki da hannu. Ta ce: "Wa ya shanye min fura?" Ya ce: "Ba ni ba ne, Kaka." Da ya sauke hannu, ga nono a leɓensa.

A jerin farko, mai zane ya kawo zane biyar, ana lissafi da firam 24 a daƙiƙa. Tsakar gida daga nesa, firam 48. Kaka na ɗaga faifai, 24. Tambayarta, 36, daidai tsawon muryar. Amsar yaro, 30. Leɓe da nono daga kusa, 30. Jimla 168, daƙiƙa bakwai cif. A takarda babu abin da ya ɓace, kowace magana ta samu zanenta. Amma idan aka kunna, ba wanda zai yi dariya.

Abu na farko, mai kallo bai taɓa ganin cikin ƙwaryar ba. Mu da muka karanta labarin mun san babu fura, shi kuwa sai da Kaka ta faɗa ya sani, kuma a lokacin hankalinsa na kan gane abin da ya faru, ba kan yaron ba. Sai a ƙara zane ɗaya, ƙwarya fayau daga sama, firam 20. Bai kai daƙiƙa ba, amma ya isa, tunda abu ɗaya ne tak a tsakiyar allo. Zane mai cike da mutane da kaya shi ke buƙatar ninkin wannan, domin sai ido ya yi yawo kafin ya samu abin da ake so ya gani.

Abu na biyu ya fi muhimmanci, kuma a nan ne sabon hannu ke yawan faɗuwa. Yaron ya amsa a daidai firam ɗin da Kaka ta rufe baki, kamar dama yana jiran layinsa. Mai shirya ƙarya ba ya amsawa haka. Yakan ɗan tsaya, ido ya zarce wajen ƙwaryar, ya dawo, sannan bakin ya buɗe. Wannan tsayawar babu ita a rubutun labari, babu ita a muryar da aka naɗa, edita ne zai buɗe mata wuri. Ya tura amsar gaba da firam 16, mai zane ya kawo ƙananan zane biyu, ido a ƙwarya, ido a Kaka, kowanne firam 8. Idan aka ba shi firam 6 kacal, ido ba zai kama ba. Idan aka kai shi 40, yaron ya tashi daga maƙaryaci ya koma wanda bai ji tambayar ba, ko kuma mai kallo ya zaci bidiyon ne ya maƙale. Duk halin yaron yana cikin wannan tazara, kuma a ganina wannan shi ne ainihin aikin animatik: ba a auna tsawon kalmomi kaɗai, ana auna lokacin da mai magana ke tunani kafin ya furta su.

Akwai kuma ɗan gyara da ba ya ƙara tsawo. Maimakon a jira Kaka ta gama tambaya sannan a koma kan yaro, sai a yanko fuskarsa firam shida kafin ta gama, kalmar "fura" ta sauka a kansa. Idan kullum hoto da murya suna sauyawa a tare, zancen kan zama kamar ana miƙa makirfo daga hannu zuwa hannu. Zanen buɗewa kuma, tsakar gida ce da kowa ya sani, firam 36 sun wadatar maimakon 48. Lissafi ya koma haka: an rage 12, an ƙara 20 da 16, jimla 192, daƙiƙa takwas. Daƙiƙa ɗaya aka ƙara, zane uku na fensir, aikin da bai wuce na hantsi ɗaya ba.

A wannan mataki ba a damu da daidaita motsin baki da kowane harafi ba, wannan aikin gaba ne. Abin da ake kula da shi shi ne inda jiki ke sauya tsayuwa. Editan na duban zanen igiyar sauti a allo, ya nemi inda muryar ta fi tashi, a tambayar Kaka wataƙila a kan "Wa", ya sa zanen da ta juyo da kai ya shigo firam biyu ko uku kafin nan. Mutum kan motsa kafin ya yi magana, kuma idan zanen ya zo bayan sautin, sai a ji kamar an makara ko da ba a san dalili ba.

Haɗarin da ke cikin muryar wucin gadi shi ne tana iya yin ƙarya. Mai zane da aka miƙa wa takarda ya karanta, yawanci sauri yake yi, murya a miƙe, don ya koma teburinsa. Shi ya faɗi tambayar Kaka a firam 36. Ranar da aka kawo dattijuwar da za ta yi muryar gaske, ta ja numfashi, ta ja wasulan yadda tsohuwa ke yi, layin ya kai 48. Rabin daƙiƙa ne, ba ya da yawa a ido. Amma a fim mai layi ɗari, hakan daƙiƙa hamsin ne, kuma tashar da ta ba ka gurbin minti biyar ba za ta ƙara maka ba. Don haka darakta mai lura ba ya yarda da karatu a wurin naɗar gwaji, sai an yi wasan sosai, a tsaye, da ihu inda ake ihu. Haka nan dole a naɗa da harshen da fim zai fita da shi. Wanda ya auna zanensa da muryar Turanci alhali da Hausa za a saki fim ɗin, gaisuwa ɗaya tsakanin suruki da suruka ta isa ta rusa masa lissafi.

Wani lokaci kuma muryar gwajin takan yi kyau har a kasa rabuwa da ita. Brad Bird, daraktan The Incredibles na 2004, shi ya riƙa yin muryar Edna Mode a gwaji, a ƙarshe muryarsa ce ta fita a fim. Haka Joe Ranft da Heimlich a A Bug's Life na 1998. Wannan sa'a ce, amma tana da ɗan'uwa marar daɗi: ma'aikata sun ji layi sau ɗari da wata murya, kunnensu ya saba, sai ɗan wasan gaske ya zo da abin da ya fi kyau su ji kamar ya kuskure.

Sabon kunne ne ke maganin wannan, kuma gwajin ba ya cin kuɗi. A kashe sauti a kalli zanukan kaɗai: idan ba a gane cewa yaron na ɓoye wani abu ba, zane ne bai isa ba. A rufe ido a saurari muryar kaɗai: inda aka ji maganganu na hawa kan juna, ko rami ya buɗe babu dalili, nan ne gyara yake. Sannan a kira wanda bai san labarin ba, a zaunar da shi, kada a yi masa bayanin komai, a kalli fuskarsa maimakon allo. Inda ya ce "me ya faru?" an yi sauri. Inda ya laluba wayarsa an yi jinkiri.

Bayan an naɗi muryoyin gaske, edita ya cire na gwaji ya sa su, ya sake bin kowane zane, domin shirun firam 16 da ya dace da muryar mai zane ba lallai ya dace da ta yaron gaske ba. Sai an gama wannan zagaye ake kulle animatik. Daga nan kowane yanki na fita da lambarsa da adadin firam ɗinsa, mai motsa hoto ya karɓi nasa a rubuce: fage na kaza, yanki na kaza, yaro ya kalli ƙwarya, firam 16. Duk canjin da ya zo bayan kullewa sai darakta da furodusa sun sa hannu, domin a lokacin masu zanen bango, masu launi da mai kiɗa duk sun riga sun ɗora aikinsu a kan waɗannan lambobi.