Abin Da 'Yar Gudumar Likita Take Faɗa

Jama'armu na Ajame da Tireshibil da yawa sun ga likita ya zaunar da majiyyaci, ƙafa tana reto, ya ɗan buga masa gudumar roba a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, sai ƙafar ta yi harbi. Wasu har dariya suke yi. To, mai karatu, ba wasa ba ne.

Bugun nan yana ɗan jan tsokar cinya. Nan take wata jijiya ta kai labari cikin laka, wadda ke tsakiyar ƙashin baya, wata kuma ta komo da umurni cewa tsoka ta tsuke. Duka bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba, domin ba a jiran izinin ƙwaƙwalwa. Amma akwai jijiyoyin sama da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa zuwa laka, suna riƙe da linzami kada harbin ya wuce kima.

A nan hikimar take. In ɓarna ta sami jijiyar ƙasa, mai fita daga laka zuwa tsoka, hanya ta yanke ke nan, ko an buga shiru. Ƙafar takan yi laƙwas, a kwana a tashi ta tsotse. Haka shan-inna take yi. In kuwa jijiyar sama ce, hanyar ƙasa tana nan, linzami ne ya tsinke, sai harbin ya yi yawa, ƙafar ta sandare.

A ce an kai wani dattijo mai hawan jini babban asibitin Tireshibil, wata guda da shanyewar ɓarin jikinsa na dama. Likitoci suna ba harbin maki daga 0 zuwa 4, kuma 2 shi ne daidai. Gwiwar hagu ta ba da 2, ta dama 3. Aka karci tafin ƙafar dama, sai babban yatsa ya ɗaga sama maimakon ya lanƙwashe, alamar da likita Babinski ya bayyana a Faransa a 1896. An gane ke nan ciwon a sama yake, galibi a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, domin jijiyoyin suna gittawa. Tsagar wanzami a ƙafa ba za ta kai can ba.

Sai dai gudumar takan ruɗi mai gaggawa. A kwanakin farko na irin wannan shanyewa harbin yana iya ɓacewa, sai daga baya ya dawo da ƙarfi. Jariri kuma yatsansa na ɗagawa alhali lafiyarsa lau. Shi ya sa ake gwada dama da hagu, a kuma sake dubawa.

Tun 2020 aka tabbatar an kawar da ainihin ƙwayar shan-inna daga Afirka, amma ba a daina sa ido ba. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba, ƙafarsa ta saki farat ɗaya, a kai shi asibiti, domin bayan-gidansa da ake gwadawa ana so a ɗauka sau biyu cikin kwana 14.