Kuɗin Da Otal Ya Riƙe Ba Su Bar Asusunka Ba Tukuna

Matafiyi ya isa otal, ya miƙa katin banki, tun bai ga ɗakinsa ba wayarsa ta yi ƙara: an taɓa masa kuɗi, har sun zarce kuɗin ɗakin. Sau da yawa ba a cire komai ba. Abin da otal ya yi shi ne tambayar bankin mutumin ko yana da kuɗin, sannan ya nemi a killace su. Banki ya amince, ya ba da lambar amincewa, ya hana mai katin kashe wannan adadi. Kuɗin suna nan a asusu, kamar hatsin da mai awo ya ware wa wani a gefe: yana rumfarsa, amma ba zai sayar ba.

Cirewa ta gaskiya tana zuwa ne ranar tafiya, lokacin da otal ya tura wa banki lissafin ƙarshe. A nan ne kuɗin suke barin asusu.

Mu ɗauki mai Umara da ya kama ɗaki a Madina, kwana 4, kowane dare riyal 400. Kuɗin ɗaki 1,600 ke nan. Otal ya ƙara 500 saboda abinci, wanki ko ɓarnar da za ta iya faruwa, ya riƙe 2,100. A katinsa akwai abin da ya kai riyal 3,000, to 900 kawai zai iya kashewa a kasuwa. Ranar tafiya lissafi ya tsaya a 1,750, domin ya ci abinci ya ba da wanki na 150. Idan ma'aikaci ya kammala biyan a kan riƙon farko, za a cire 1,750, ragowar 350 su dawo hannunsa.

Matsala tana tasowa ne idan aka kauce wa wannan hanya. A ce ya biya da tsabar kuɗi ko da wani kati dabam. Otal ya samu haƙƙinsa, amma bankin katin farko bai san an biya ba, sai 2,100 su ci gaba da zama a killace. Ko kuma ma'aikaci ya sake buga 1,750 a matsayin sabon ciniki bai soke riƙon ba. Yanzu ana neman 3,850 a katin da ke ɗauke da 3,000, sai na'ura ta ƙi, mutum ya tsaya yana jin kunya alhali kuɗinsa sun isa. Riƙon da ba a soke ba yakan faɗi da kansa, wani lokaci cikin 'yan kwanaki, amma ƙa'idojin Visa da Mastercard sun bar wa otal da masu hayar mota dama har kusan wata guda. Ga wanda ke ƙasar waje da guziri a lissafe, wannan jira ba wasa ba ne.

Masu hayar mota ma haka suke yi, sai dai nasu yakan fi nauyi, domin suna tsoron tankin mai da ba a cika ba da lahani a jikin mota. Shi ya sa da yawansu suka fi son katin bashi. A kan irin wannan kati, riƙo yana rage iyakar abin da za ka iya ranta ne kawai. A katin da ke haɗe da asusunka kuwa, kuɗin cefanenka ne aka ɗaure.

Kada a dogara da saƙon waya wajen gane bambancin, domin wasu bankuna saƙo iri ɗaya suke turowa. A buɗe manhajar banki. Abin da aka riƙe yakan fito da alamar "pending", kuma "available balance" yakan yi ƙasa da "ledger balance" da daidai wannan adadi. In an saki riƙo, galibi ba za ka ga shigowar kuɗi ba. Layin zai ɓace ne kawai, abin da za ka iya kashewa ya ƙaru. Idan kuwa an cire da gaske aka ce za a mayar, wannan mayarwa ce mai zaman kanta, tana ɗaukar kwanaki, kuma canjin kuɗi na iya motsawa tsakani ya ci wani abu.

A ganina mafi yawan rigimar a bakin teburin karɓar baƙi ake iya kashe ta. Tun da farko ka tambayi nawa za a riƙe, ka adana takardar da na'ura ta fitar, domin lambar amincewa tana jikinta. Ranar tafiya ka biya da katin da ka shiga da shi. In dole ka canza, kada ka ɗauki jakarka sai an soke riƙon a gabanka an ba ka shaidar sokewa, ita ce za ka nuna wa bankinka idan kuɗin suka daɗe ba su saku ba.