Zafin Afrilu Digiri 275: Yadda Ake Kama Kuskuren Karanta Giraf

Wata rana ina duba takardun gwajin ɗalibaina na ajin ƙarshe a darasin labarin ƙasa, sai na ci karo da wata amsa da ta sa na ajiye jan biro. An tambayi yaro zafin watan Afrilu a wani gari, shi kuwa ya rubuta digiri 275, har da ja masa layi biyu a ƙasa. Washegari na kira shi na ce, "Ruwa a digiri nawa yake tafasa?" Ya ce, "Ɗari, Malam." Na ce, "To mutanen garin nan naka ai sun daɗe da dahuwa." Ya ƙura wa takardar ido, can sai ya dafe kai ya ce, "Wallahi Malam, ɓangaren ruwan sama na karanta."

Yaron ba daƙiƙi ba ne. Irin tambayar ce take da tarko. A jarrabawar WAEC da NECO, musamman a labarin ƙasa da tattalin arziki da kimiyya, akan ba ɗalibi giraf, wato zanen da ke nuna alƙaluma da layi ko da sanduna, sannan a jero masa tambayoyi a ƙasa. Ba hadda ake nema ba, amsar tana nan a gabansa. Wannan ne ma yake sa yara su saki jiki, su karanta a gurguje su wuce.

Bari in kwatanta zanen da na ba su, don mu bi shi tare. Na zana shi ne a takardar giraf irin wadda kowane babban gida yake ɗauke da ƙananan gidaje goma. Alƙaluman na gwaji ne, amma na tsara su bisa yanayin da muka sani a ƙasar Hausa: zafi ya kai ƙarshe a Afrilu, ruwa ya fi yawa a Agusta, Janairu kuma hunturu. Layin kwance yana ɗauke da watanni goma sha biyu. Layin tsaye kuwa biyu ne. Na hagu na ruwan sama ne, a milimita, daga 0 zuwa 350, kowane babban gida 50. Na dama na zafi ne, a digiri, daga 20 zuwa 34, kowane babban gida 2. Sanduna suna nuna ruwa, lanƙwasasshen layi mai ɗige-ɗige yana nuna zafi.

Tambaya ta farko ita ce yawan ruwan watan Yuli. Sandar Yuli ta wuce layin 200 da ƙananan gidaje uku. Da yawa daga cikin yaran suka rubuta 203. Dalilinsu a fili yake: hannu ya saba da rula, inda ake ƙirga ƙananan zane ɗaya bayan ɗaya, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka kowane ƙaramin gida ɗaya ne. Alhali tsakanin 200 da 250 akwai tazarar 50, kuma gidaje goma ne suka raba ta. Raba 50 gida goma, kowane ƙaramin gida ya zama milimita 5. Gidaje uku 15 ke nan, amsa 215.

Abin da ya fi damuna shi ne, cikin waɗanda suka rubuta 203 akwai masu rantsuwa cewa sun sake dubawa. Kuma gaskiya suka faɗa. Sun koma sun sake ƙirga gidajen, ɗaya, biyu, uku, sun sake samun 203. Idon da ya yi kuskure da farko, in aka sake tura shi ta hanyar da ya bi, kuskuren zai sake kawowa. Dubawar da ke da amfani ita ce wadda ta bi ta wata ƙofa daban.

Ƙofa mafi sauƙi ita ce ka ci gaba da ƙirga har ka isa lambar da aka rubuta a sama. Daga kan sandar Yuli zuwa layin 250 saura gidaje bakwai. In da gaske kowane gida ɗaya ne, to 203 da bakwai 210 ne, amma takarda ta ce 250. Nan take ka san ma'auninka ya karye. Gwada da biyar-biyar: 220, 225, 230, 235, 240, 245, 250. Ka sauka daidai kan layin. Wannan ƙirgar ba ta cin rabin minti, kuma sau ɗaya ake yin ta ga kowane layin tsaye. Ni nakan ce wa yara, kafin su karanta tambaya ko ɗaya, su rubuta da fensir a gefen kowane layi darajar ƙaramin gidansa. A zanenmu, 5 a hagu, 0.2 a dama. Wanda ya ɗauki biyar ɗin hagu ya kai ta dama, shi ma ya faɗa rami.

Kada a raina bambancin 203 da 215. Mai duba takarda yakan yi sassauci kaɗan, ni kaina nakan karɓi saɓanin rabin ƙaramin gida, domin kaurin bakin fensir ma yana iya jawo hakan. Amma milimita 12 ya haura gidaje biyu, babu sassaucin da zai kai nan. Sannan kuskuren ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tambaya ta gaba ta nemi bambancin ruwan Yuli da na Mayu. Sandar Mayu ta wuce layin 50 da gidaje huɗu, wato 70, don haka bambancin 145 ne. Mai ƙirga ɗaya-ɗaya zai ɗebe 54 daga 203 ya sami 149, lambar da ta yi kama da gaskiya har ba za ta tayar masa da hankali ba. Maki biyu sun tafi a kan kuskure guda.

Yanzu mu koma ga mai digiri 275. Ɗigon Afrilu yana bisa manyan gidaje biyar da ƙanana biyar. In ka ja rula zuwa dama, za ka tashi daga 20, ka ƙara 10, ka ƙara 1, ka sami digiri 31. Shi kuwa ya ja ta zuwa hagu, domin a yawancin zanen da ya saba gani, lambobi a hagu suke. A ganina wannan yaron ya yi sa'a, don kuskurensa mai ihu ne. Zafi mafi tsanani da aka amince an taɓa aunawa a doron ƙasa digiri 56.7 ne, a Kwarin Mutuwa da ke Kalifoniya a Amurka, a shekarar 1913. Duk wanda ya tsaya ya karanta amsarsa da babbar murya, tare da abin da aka auna, zai ji ta yi masa banbaraƙwai a kunne. Shi ya sa ban yarda ɗalibi ya rubuta lamba tsirara ba. "275" ba ta cewa komai, amma "digiri 275" tana tona asirin kanta.

Mugun kuskuren shi ne mai shiru. Wata yarinya mai natsuwa ta rubuta ruwan Mayu milimita 22.8. Ta karanta sandar ruwa a layin zafi: babban gida ɗaya ya kai ta 22, ƙanana huɗu suka ƙara 0.8. Lissafinta tsaf, ta ma gane darajar ƙaramin gida, kuma ruwan milimita 22.8 a farkon damina ba abin mamaki ba ne. Hankali kaɗai ba zai kama wannan ba.

Abin da zai kama shi shi ne mayar da amsa cikin zane. Ka manta da sandar ɗan lokaci. Ka ɗauki amsar da ka rubuta, ka dubi abin da ke maƙale da ita, milimita, ka nemo layin da aka rubuta wa milimita. Ka sami 22.8 a jikinsa, ƙasa da rabin babban gida na farko, ka kwantar da rula a nan. Shin ta zauna a kan sandar Mayu? Ina, ta ratsa ta ƙasa-ƙasa, kan sandar yana can sama da layin 50. Da farko daga zane ka tafi zuwa lamba, yanzu daga lamba ka dawo zane, kuma ba ku haɗu ba. Ɗayan tafiyoyin biyu ta ɓace hanya.

Ko rula babu, ido ma yana taimakawa, tunda an ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Tsawon sandar Mayu gidaje 14 ne, na Yuli 43, kusan kashi ɗaya cikin uku. Kashi ɗaya cikin uku na 215 kuwa yana wajen saba'in. Amsar yarinyar kusan kashi ɗaya cikin goma ce.

Sai dai wannan awon ido yana da iyaka, kuma iyakar tana nan a zanen. Yana aiki ne kawai in layin ya fara daga sifiri. Layin zafinmu daga 20 ya fara. Ɗigon Janairu yana bisa ƙananan gidaje biyar kacal, na Afrilu yana bisa 55. Mai dogaro da ido zai ce zafin Afrilu ya ninka na Janairu sau goma sha ɗaya, alhali 21 ne da 31. Wani ɗalibi da bai kalli gindin layin ba ya rubuta Janairu digiri 1, Afrilu 11. Abin dariyar, da aka tambayi tazarar zafin shekara ya sami 10, kuma daidai ne, domin ashirin ɗin da ya zubar ta fita daga ɓangarorin biyu. Amsa ɗaya ta yi daidai bisa sa'a, biyu sun faɗi.

Masu karatun tattalin arziki su ma suna da nasu nau'in. A zanen buƙatar kaya, farashi yana layin tsaye, yawan kaya yana layin kwance, kuma duk biyun lambobi ne, babu sunan wata da zai farkar da mutum. In aka ce nawa za a saya a farashi kaza, daga layin tsaye ake shiga, a fita ta layin kwance. Mai gaggawa yakan nemi lambar a ƙasa ya fita ta gefe, ya kawo farashi a matsayin yawan kaya. Kuma a duba rubutun da ke jikin layin da kyau: in an ce tan dubu-dubu ake ƙirgawa, to 45 tana nufin tan 45,000.

Iyaye da yayye masu taya yara bitar tsofaffin tambayoyi a gida, ga roƙona. In yaro ya kawo muku amsar giraf, kada ku ce masa daidai ne ko ba daidai ba. Ku miƙa masa rula da fensir, ku ce ya nuna muku layin da ya karanta, ya faɗi darajar ƙaramin gida ɗaya, sannan ya ɗauki amsarsa ya mayar da ita cikin zanen a gaban idonku.