Tsakanin Kawo Shawara da Yanke Shawara: Alamomin Harshe Wajen Taƙaita Taron da Aka Ɗauka a Na'ura

1.0 Gabatarwa

Magatakardan da aka miƙa wa muryar taro ta awa biyu ko uku, aka ce ya mayar da ita shafi biyu, babbar matsalarsa ita ce rarrabe abin da taro ya tsaya a kai da abin da wani ya faɗa kawai aka wuce. Kuskure a nan ba ƙarami ba ne, domin da zarar an karanta rahoton a zama na gaba aka amince da shi, shi ne zai zama hujjar karɓar kuɗi ko ɗora wa wani aiki.

Wannan maƙala za ta nuna cewa Hausar baka tana da alamomin da ke bambanta waɗannan abubuwa biyu, amma wasu daga cikinsu sukan ɓace idan an mayar da magana rubutu. An ɗauki garin Gombe a matsayin fagen misali, saboda gari ne da ya tara masu harsuna daban-daban, kamar Fulfulde da Tangale da Tera da Bolanci, musamman tun da ya zama babban birnin jiha a 1996, kuma Hausa ce harshen da galibi ke haɗa su a tarurrukan unguwa da na kasuwa. Misalan da za a kawo an tsara su ne bisa irin zantukan da ake ji a waɗannan tarurruka.

2.0 Kalmar Shawara

Tushen ruɗanin yana cikin kalmar shawara kanta. Aikatau ɗin da ya zo kafinta ne ke fayyace matsayinta, kamar haka:

(1) a. Malam ya kawo shawara.
b. Taro ya yi shawara.
c. Taro ya yanke shawara.

A (1a) mutum ɗaya ne ya jefa ra'ayi. A (1b) ana kan tattaunawa, ba a kai ƙarshe ba. A (1c) ne kaɗai magana ta ɗaure kowa. Saboda haka magatakardan da ya rubuta kanun "Shawarwarin Taro" ya jera komai a ƙarƙashinsa, ya haɗa matakai uku a wuri guda. Ya fi dacewa a keɓe kalmar matsaya ga (1c), a bar shawara ga (1a).

3.0 Abin da Rubutu Ke Ɓoyewa

Daidaitacciyar ƙa'idar rubutun Hausa ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali. A yawancin rubuce-rubuce wannan ba ya kawo cikas, domin muhallin magana yakan warware ma'ana. Amma a rahoton taro akwai wurin da yake cutarwa, wato zagin aikatau. Dubi wannan jimla:

(2) Ma'aji ya biya.

A baki, ana iya furta zagin ta hanyoyi uku a nan:

a. yaa (dogon wasali, karin sama): shuɗaɗɗen lokaci, an riga an biya.
b. yà (gajeren wasali, karin ƙasa): umartau, an umarce shi ya biya.
c. yâa (dogon wasali, karin faɗau): lokaci mai zuwa na biyu, ana sa ran zai biya.

Na farko labari ne, na biyu umarni ne, na uku kuwa zato ne. Haka abin yake ga zagin da ba ya fayyace mai aiki: "à gyara" umarni ne ko roƙo, "âa gyara" kuwa yana nufin wata rana dai a yi. Littattafan nahawu irin na Newman (2000) da Jaggar (2001) sun bayyana lokaci mai zuwa na biyu a matsayin wanda bai kai na "za" tabbaci ba. Shi ne kuma wanda shugaban taro kan ɗauko idan yana son kawar da magana ba tare da ya ɓata wa mai ita rai ba.

Darasin da ke nan shi ne, kada a taƙaita daga rubutaccen kwafin taron kaɗai. Duk inda "ya", "ta", "a", "ma" ko "sa" suka zo a maganar da ta shafi kuɗi ko aiki, sai an koma ga muryar an saurara.

4.0 Matakan Gane Matsaya

Austin (1962) ya nuna cewa akwai furucin da faɗarsa ita ce aikata shi, muddin wanda ya dace ne ya faɗa, a wurin da ya dace, bisa tsarin da aka sani. A Hausa, shuɗaɗɗen lokaci ne kan ɗauki wannan nauyi, kamar yadda ake ji wajen ɗaurin aure idan waliyyi ya ce ya bayar, wakilin ango ya ce ya karɓa. A taro ma haka ne: "an yarda", "an tsaya a kan haka", "mun amince". Daga nan za a iya fitar da tambayoyi huɗu da magatakarda zai yi wa kowace magana.

Ta farko, da wace siga aka faɗe ta? Maganar da ta fara da "me zai hana", "ko za a", "da ma", "a ganina" ko "ina ma" shawara ce, komai ƙarfin muryar mai ita.

Ta biyu, wa ya rufe ta? Mamba yana iya cewa "a yi kaza", amma umartau a bakinsa roƙo ne. A bakin shugaba, bayan ya ji ta bakin jama'a, shi ne yake zama umarni.

Ta uku, me jama'a suka amsa? A nan ake yawan zamewa. "To", "mun ji" da "madalla" ladabi ne na saurare. Shirun da ke biyo bayan maganar dattijo ma girmamawa ce, ba lalle ya zama yarda ba. Haka kuma "in sha Allahu" ba ya rarrabe komai, domin yakan biyo matsaya kamar yadda yakan biyo alkawarin da ba a sa wa rana ba.

Ta huɗu, an ambaci mai yi da lokaci, da adadi idan kuɗi ne? "Za a gyara" ba tare da wane ne zai gyara ko yaushe ba, niyya ce kurum.

5.0 Misali Daga Taron Unguwa

Mu ɗauka wata ƙungiyar ci gaban unguwa a Gombe ta zauna gab da damina a kan yashe magudanar ruwa, abin da ke damun unguwanni da dama a garin saboda zaizayar ƙasa. An ɗauki taron a waya, ya kai minti 150. Batun kuɗi ya taso a wurare huɗu:

(3) Minti na 14, wani mamba: "Me zai hana kowane gida ya ba da naira dubu biyar?" Wasu suka ce, "Haka ne."

(4) Minti na 41, wani dattijo: "Ni a ganina, da ma a kai kuka ƙaramar hukuma tukuna." Shugaba: "To, Baba, mun ji." Aka yi shiru.

(5) Minti na 78, shugaba: "Batun kai kuka, mâa duba shi in mun ga abin da aka tara."

(6) Minti na 132, shugaba: "Jama'a, dubu uku kowane gida, an yarda?" Jama'a: "An yarda!" Shugaba: "To, an tsaya a kan dubu uku. Ma'aji yà fara karɓa ranar Asabar, yà kawo lissafi a zama na gaba."

A (3) akwai adadi, akwai kuma masu goyon baya, amma sigarta tambaya ce, kuma shugaba bai rufe ta ba. A (4) mai maganar babba ne, an kuma amsa masa da ladabi, sai dai babu wanda aka ɗora wa kai kukan. A (5) lokaci mai zuwa na biyu da sharaɗin "in" sun nuna an ɗage batun ne. Mai kwafe muryar da bai lura ba yana iya ɗaukar "ma" a matsayin kuskuren baki ya gyara shi zuwa "mu duba", sai ɗagewa ta koma kamar aikin da aka tsayar. A (6) ne kaɗai tambayoyin huɗu suka sami amsa.

Ga yadda rahoto mara kyau kan fito:

(7) An tattauna batun magudana. Kowane gida zai ba da naira dubu biyar ko dubu uku. Za a kai kuka ƙaramar hukuma. Ma'aji ya fara karɓa.

Wannan rahoto ya sa "za" a kan abubuwa biyu da ba a tsayar ba, ya daidaita adadin da aka yi watsi da shi da wanda aka amince da shi, kuma jimlarsa ta ƙarshe tana iya sa mai karatu ya zaci ma'aji ya riga ya karɓi kuɗi. Ingantaccen rahoto zai kasance kamar haka:

(8) Matsaya: taro ya amince kowane gida ya ba da naira dubu uku. An umarci ma'aji da ya fara karɓa ranar Asabar, kuma ya gabatar da lissafi a zama na gaba (minti na 132).
Abin da aka ɗage: kai kuka ƙaramar hukuma, sai an ga abin da aka tara (minti na 41 da na 78).
Shawarar da ba a ɗauka ba: naira dubu biyar ga kowane gida (minti na 14).

Za a lura cewa (8) bai bi jerin lokacin taron ba, batu ya bi har zuwa inda aka ambace shi na ƙarshe. Haka kuma ya sa aikatau "umarci" a gaban zagin "ya", don rubutu ya maye gurbin karin sautin da ya ɓace.

6.0 Iyakar Wannan Hanya

Akwai inda waɗannan alamomi ba su wadatar ba. Wani shugaban yakan rufe taro da addu'a ba tare da ya maimaita abin da aka tsaya a kai ba. Wani lokaci muryoyi kan hau juna, ba a iya gane ko "an yarda" ta fito daga mutum uku ne ko daga talatin. A gari irin Gombe kuma, mutum biyu na iya juyawa zuwa Fulfulde ko wani harshe na ɗan lokaci su daidaita, sannan a dawo Hausa da "shi ke nan", wanda magatakardan da ba ya jin harshen ba zai san abin da ya rufe ba. Bayan haka, na'ura ba ta ɗaukar gyaɗa kai ko ɗaga hannu.

A irin waɗannan wurare ba aikin magatakarda ba ne ya cike giɓi da zato. Sai ya rubuta cewa an tattauna batun ba a ji an rufe shi ba, ya sa lambar mintin, ya tuntuɓi shugaba, sannan a gabatar da shi ga zama na gaba domin a tabbatar.

7.0 Kammalawa

An ga cewa bambancin matsaya da shawara a taron da aka yi da Hausa ya rataya ne a kan sigar furuci, da matsayin mai rufe magana, da irin amsar jama'a, da ambaton mai yi da lokaci. An kuma ga cewa zagin aikatau, wanda ke ɗauke da wani ɓangare na wannan bambanci, yana rasa shi a rubutu. Abin da ya rage ga manazarta shi ne duba yadda masu Hausa a matsayin harshe na biyu ke amfani da lokaci mai zuwa na biyu a tarurruka, da kuma abin da suke sawa a gurbinsa idan ba su yi amfani da shi ba.